Imel ko Saƙon Tes: Wanne Za a Dogara da Shi Wajen Gargaɗi, Kuma Yaya Za a Gane Idan Shi Kansa Gargaɗin Bai Fita Ba

Duk wanda yake kula da na'urar da ke aiki ba dare ba rana, ko sabar da ke riƙe da rumbun bayanai ce ko na'urar auna sanyin ɗakin ajiya, dole wata rana ya yanke shawarar hanyar da labarin matsala zai iso masa. Hanyoyi biyu ne suka fi zuwa a rai, wato imel da saƙon tes na waya. Akasari ana kwatanta su ta fuskar sauri da tsada, kuma wannan kwatanci yana da amfani, sai dai a ganina ba shi ne ya kamata ya yanke hukunci ba. Tambayoyi biyu sun fi nauyi. Ta farko, awa nawa matsalar za ta iya jira kafin ɓarna ta auku? Ta biyu, idan abin da ake gadi ya lalace, shin hanyar gargaɗin za ta tsira, ko kuwa tare za su faɗi? A bayan waɗannan kuma akwai abin da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kansa: babu ɗayansu da yake iya kawo labarin mutuwar kansa. Idan saƙo bai zo ba, mai kula ba shi da yadda zai bambance lafiya da mutuwar hanyar, sai dai in ya shirya wa hakan tun da wuri.

Yadda imel yake tafiya, da inda yake maƙalewa

Imel ba ya tashi daga na'urarka ya faɗa akwatin mai karɓa kai tsaye. Hannu da hannu ake miƙa shi bisa ƙa'idar aika imel ta SMTP, kuma kowace sabar da ta karɓa takan amsa da lamba. Lambar `250` tana nufin ta karɓa kuma nauyin saƙon ya koma kanta. Lambar da ta fara da 4 tana nufin a sake gwadawa an jima, wadda ta fara da 5 kuma ƙi ne na dindindin. Abin lura a nan shi ne `250` shaida ce ta hannu ɗaya kawai. Ba ta ce saƙon ya shiga akwatin da ake dubawa ba, balle a ce wani ya karanta shi.

Wannan yakan yaudari masu rubuta ƙananan manhajojin gargaɗi. Idan manhajarka ta kira umarnin `mail` ko `sendmail` kuma ya dawo da lambar fita 0, abin da ya faru kawai shi ne an ajiye saƙon a layin jira na cikin na'urar. Daga nan manhajar aika imel, misali Postfix, ita ce za ta yi ƙoƙarin fitar da shi. Idan ta kasa, a tsarinta na asali takan sake gwadawa bayan daƙiƙa 300, tazarar tana ƙaruwa har ta kai daƙiƙa 4000, kuma ba ta haƙura sai bayan kwana 5. Wannan haƙuri alheri ne ga wasiƙar yau da kullum, domin ba ta ɓata don sabar mai karɓa ta ɗauke na awa biyu. Ga gargaɗi kuwa masifa ce, domin saƙon da ke cewa faifai ya kusa cika zai iya kwana huɗu a layi, manhajar da ta aika shi kuma tana ganin ta sauke nauyi. Bayan kwana biyar ɗin, takardar da ke cewa saƙo bai isa ba takan koma ga adireshin mai aikawa, wanda sau da yawa `root` ne, wato babban asusun na'urar kanta, akwatin da ba wanda yake buɗewa.

Ana iya ganin gaskiyar lamarin a wurare biyu. Umarnin `mailq` yana nuna saƙonnin da suka maƙale tare da dalilin maƙalewarsu, kundin aikin imel kuma yana rubuta makomar kowane saƙo da `status=sent` ko `status=deferred` ko `status=bounced`. Dalilan da aka fi gani ba su da yawa. Kamfanonin hayar saba da dama suna toshe ƙofa ta 25 don hana masu watsa tarkacen saƙo, sai a ga haɗin yana ta jira har lokaci ya ƙare; maganin shi ne a aika ta ƙofa ta 587 da suna da kalmar sirri. Wannan kuma yana kawo nasa rauni, domin ranar da wani ya sauya kalmar sirrin asusun, sabar za ta riƙa amsawa da `535`, gargaɗi ya tsaya cak ba tare da kowa ya sani ba. Wasu sabobin kuma da gangan suke ƙin saƙon farko daga baƙon mai aikawa da lambar 4, su karɓa a gwaji na biyu, abin da ke ƙara mintoci a kan saƙon da ake buƙata yanzu.

Mafi wuyar ganewa shi ne saƙon da aka karɓa da `250` sannan aka jefa shi akwatin `Spam`. A wajen mai aikawa komai ya tafi daidai. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa a kan tantance mai aikawa, don haka na'urar da ke aika imel da sunan wani yankin intanet ba tare da an daidaita SPF ko DKIM, wato hanyoyin tantance mai aikawa, ba tana cikin haɗarin a ƙi saƙonta ko a ɓoye shi. Saƙon gargaɗi kuma yana da kamannin da matattarar tarkace ke zargi: gajere ne, kansa iri ɗaya ne kullum, kuma yakan zo da yawa a lokaci guda.

Duk da haka imel yana da falalar da tes ba zai taɓa samu ba. Yana ɗaukar cikakken bayani, har da layukan ƙarshe na kundin aiki da sunan fayil da umarnin da ya gaza. Ana iya aika shi ga mutum goma ba tare da kuɗi ya ƙaru ba, ana iya nemo na watanni shida da suka wuce a ga ko matsalar ta taɓa faruwa. Rauninsa na ƙarshe yana wajen mutum ne: ba wanda imel yake tayarwa daga barci, kuma gargaɗin da ya faɗa cikin saƙonni ɗari na rana yakan jira har sai an zo kansa.

Yadda tes yake tafiya

Tes yana bi ta cibiyar saƙonni ta kamfanin waya, wadda take ajiye shi sannan ta miƙa wa wayar mai karɓa. Ba ya buƙatar data a wayar, sabis kaɗan ya ishe shi, kuma yana shiga kowace irin waya. Idan wayar a kashe take, cibiyar takan riƙe saƙon zuwa wani wa'adi, in wa'adin ya wuce ta yar da shi. Galibi yana isa cikin daƙiƙoƙi, kuma ƙararsa tana sa mutum ya duba, wanda shi ne babban dalilin zaɓensa.

Hanya biyu ake aika shi daga na'ura, kuma bambancinsu yana da girma fiye da yadda ake zato. Ta farko ita ce ta kamfanin dillancin saƙo: na'urarka ta tura buƙata ta intanet, su kuma su miƙa wa kamfanin waya. Ta biyu ita ce a haɗa modem mai ɗauke da sim a jikin na'urar, ta aika da kanta da umarni irin `AT+CMGS`. Hanya ta farko ta fi sauƙin kafawa da kulawa, amma tana mutuwa tare da intanet ɗin wurin, daidai kamar imel. Wanda ya haɗa imel da tes na dillali yana ganin yana da hanya biyu, alhali duka ta layin intanet ɗaya suke fita daga ginin. Modem kuwa yana tsira idan intanet ya ɗauke, sai dai yana zuwa da nasa hidima: kuɗin layin yana ƙarewa, kamfani yana iya rufe sim ɗin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, kuma ɗakin da ake ajiye saba sau da yawa ba shi da sabis mai kyau. Umarnin `AT+CREG?` yana faɗa ko modem ɗin yana kan layin kamfani, `AT+CSQ` kuma yana ba da ƙarfin sabis daga 0 zuwa 31, inda 99 ke nufin bai iya aunawa ba.

A nan ma amsar farko ba shaidar isarwa ba ce. Idan dillali ya amsa da `queued` ko `accepted`, ya karɓa ne kawai. Labarin gaskiya yana zuwa daga baya a rahoton isarwa, wanda a SMPP, ƙa'idar da dillalai ke miƙa tes ga kamfanonin waya da ita, yake ɗauke da kalmomi irin `DELIVRD` da `UNDELIV` da `EXPIRED` da `REJECTD`. Wannan fifiko ne na gaske a kan imel, domin rahoton yana iya tabbatar da cewa saƙon ya shiga wayar kanta. Amma sai manhajarka ta koma ta tambaya, ko ta tanadi adireshin da za a turo mata rahoton. Yawancin ƙananan manhajoji ba sa yi. Kuma ba kowace hanya ce take dawo da rahoto mai gaskiya ba, musamman saƙon da ya ratsa dillalai da yawa kafin ya kai wata ƙasa, don haka a gwada da ainihin lambobin da za su karɓa kafin a yarda da shi.

Akwai batun tsawo, wanda ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye. Tes guda yana ɗaukar harafi 160 idan duk haruffan suna cikin jerin GSM na asali. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa cikin wannan jeri, haka ma lanƙwasasshiyar alamar hamza da wasu manhajojin rubutu suke sakawa da kansu a kalmomi irin sa'a. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, saƙon gaba ɗaya yana komawa tsarin UCS-2, iyakarsa ta sauko zuwa 70. Idan ya wuce iyaka sai a yanka shi gida-gida, kowane gida harafi 153 a tsarin farko ko 67 a na biyu, kuma kowane gida ana cajinsa a matsayin saƙo guda. Gargaɗi mai harafi 150 da zai tafi a saƙo ɗaya zai zama uku saboda ƙ guda. Shawarata ita ce tes na gargaɗi ya zama layi ɗaya da haruffa marasa lanƙwasa: sunan na'ura, abin da ya faru, da lokaci. Sauran bayani a bar wa imel.

Haɗari na ƙarshe a tes shi ne ambaliya. Binciken da ke gudana kowane minti, idan yana aika saƙo duk lokacin da ya ga matsala, zai tura 60 a awa guda, 480 a dare mai awa takwas. Kafin gari ya waye kuɗin asusun ya ƙare, ko kamfanin waya ya ɗauki mai aikawar a matsayin mai watsa tarkace ya tace shi, mai karɓa kuma ya riga ya sa wayarsa a shiru. Matsala ta gaba da za ta zo ba za ta sami hanyar fita ba. Dole a sa iyaka: saƙo ɗaya idan matsala ta fara, tunatarwa bayan minti 30 ko awa ɗaya, da saƙo ɗaya idan ta warware.

Dare ɗaya a kan saba ɗaya

A ɗauka akwai saba da ke riƙe da rumbun bayanai na PostgreSQL, kuma kowane dare da ƙarfe 2:00 `cron`, manhajar da ke tayar da ayyuka a kan lokaci, yana tayar da aikin ɗaukar kwafin ajiya, wanda yakan ɗauki kusan minti 25. An rubuta aikin yadda idan ya gaza zai aika imel. Kowane kwafi gigabayit 4 ne, akwai kuma wani umarni da ke goge tsofaffin kwafi, wanda ya daina aiki tun lokacin da aka sauya sunan jakar ajiyar. Kwafi suna ta taruwa, har daren Talata faifan ya cika.

Umarnin `pg_dump` mai ɗaukar kwafin ya tsaya da `No space left on device`. Manhajar ta gane gazawar, ta kira `mail` kamar yadda aka tsara. To amma kafin Postfix ta aika saƙo sai ta fara rubuta shi a `/var/spool/postfix`, wannan jaka kuma a kan faifan da ya cika take. Saƙon bai ma shiga layi ba. Kundin aikin da zai rubuta wannan gazawa ta biyu shi ma a kan faifan yake. Da safe mai kula ya duba akwatinsa bai ga komai ba, ya ɗauka an kwana lafiya, kuma haka zai ci gaba da ɗauka har ranar da aka nemi kwafin jiya aka tarar na ƙarshe na makon da ya wuce ne. Abin da ya kashe aikin shi ne ya kashe mai kai labarin.

Da a ce gargaɗin tes ne ta dillali, a wannan dare da ya fita, domin `curl`, umarnin da ke tura buƙata ta intanet, ba ya buƙatar rubuta komai a faifai kafin ya tura buƙata. Amma a sauya sanadin a gani. Idan na'urar da ke haɗa ginin da intanet ce ta mutu, imel zai zauna a layi, tes na dillali zai gaza, modem ne kaɗai zai yi magana. Idan kuma wuta ce ta ɗauke batirin ajiya ya ƙare, ko sabar ta sandare, ko wani ya goge layin `cron` bisa kuskure, to babu imel, babu tes, babu modem, domin babu manhajar da ta tashi balle ta ga gazawa. Duk gargaɗin da aka gina a kan «idan ka gaza ka faɗa» yana buƙatar mai gazawar ya kasance da sauran rai.

Mafita ita ce a juya tsarin. Maimakon a jira labarin gazawa, sai a sa aikin ya riƙa sanar da wata na'ura ta waje cewa ya kammala lafiya, ita kuma ta yi ƙara idan sanarwar ba ta zo a kan lokaci ba. Kamar mai gadi ne da aka ce ya busa usur kowace awa: daga ranar da aka yi wannan yarjejeniya, shirunsa ya zama labari. Akwai masu ba da wannan hidima, irin su Healthchecks.io da Dead Man's Snitch, kuma mutum yana iya kafa tasa a kan wata sabar. Sharaɗin shi ne kada ta haɗa wuta ko intanet ko faifai da abin da take gadi. A aikace ƙarin layi ɗaya ne, inda za a sa adireshin da na'urar ta waje ta bayar a madadin `$URL_INA_NAN`:

```
#!/bin/sh
set -e
pg_dump -Fc rumbu > /ajiya/rumbu-$(date +%F).dump
curl -fsS -m 10 --retry 3 "$URL_INA_NAN"
```

Layin `set -e` yana tsayar da aikin da zarar wani umarni ya gaza, don haka ba a isa ga `curl` sai kwafin ya kammala. Wannan jeri yana da muhimmanci, domin idan aka sa sanarwar a farko, ko aka bar ta tana fita ko da kwafin ya gaza, abin da take tabbatarwa kawai shi ne na'urar a kunne take. Alamar `-f` ita ma ba ado ba ce: idan babu ita, `curl` yana dawo da 0 ko da ɗaya ɓangaren ya amsa da `401` ko `500`, kuma wannan kuskure ne da ake yawan samu a manhajojin da ke tura tes ta dillali, inda mabuɗin asusu ya daina aiki amma manhajar tana ganin ta aika. Alamar `-m 10` kuma tana hana shi rataye fiye da daƙiƙa 10 a kowane gwaji.

A ɓangaren mai gadin na waje ana saita lambobi biyu, tazara da rangwame. Tazarar a nan awa 24 ce. Idan aka ba da rangwamen awa ɗaya, to sanarwar ƙarshe ta zo ranar Litinin da 2:25, ana sa ran ta gaba ranar Talata da 2:25, kuma da 3:25 mai gadin zai aika gargaɗi daga tasa na'urar, wadda cikar faifan ba ta shafa ba. Zaɓen rangwame yana buƙatar tunani. Idan minti 5 aka ba shi, duk daren da aikin ya ɗauki minti 35 alhali jiya 25 ya ɗauka, za a tayar da mutum a banza har ya daina ɗaukar ƙarar da muhimmanci. Idan kuma awa 12 aka ba shi, an yi asarar rabin yini. Ninki biyu na tsawon aikin wuri ne mai kyau na farawa.

Gwada hanyar kanta

Wannan tsari ya magance mutuwar aiki, amma bai tabbatar da cewa hanyar gargaɗi tana da rai ba, kuma nan ne mutane da yawa suke tsayawa da wuri. Na'urar da ke lafiya wata shida ba ta aika gargaɗi ko ɗaya ba, a cikin watannin kuma an sauya kalmar sirri, kuɗin asusun tes ya ƙare, ma'aikacin da lambarsa ke ciki ya bar aiki. Hanyar da ba a bi sai ranar masifa ba a sanin ta toshe sai a ranar. Don haka dole a riƙa bin ta da gangan alhali babu matsala.

Ga imel ana iya yin cikakken zagaye ba tare da hannun mutum ba. Kowace awa na'urar ta aika saƙon gwaji mai ɗauke da lamba ta musamman, ta ainihin hanyar da gargaɗi ke bi, zuwa wani akwati a kamfanin imel ɗin da masu karɓa suke amfani da shi. Wata ƙaramar manhaja ta shiga akwatin ta IMAP, ƙa'idar karanta imel, ta nemi lambar a cikin `INBOX` kaɗai, in ta gan ta sai ta sanar da mai gadin waje. Da wannan, toshewar ƙofa da sauyin kalmar sirri da faɗawa `Spam` duk suna bayyana cikin awa ɗaya ko biyu. Masu amfani da Prometheus, manhajar sa ido a kan na'urori, suna da irin wannan dabara: sukan kafa wani gargaɗi mai suna `Watchdog` da sharaɗin `vector(1)`, wanda kullum gaskiya ne, don ya riƙa ratsa Alertmanager, manhajar da ke aika gargaɗin, ba fasawa zuwa mai gadin waje, kuma ma'aunin `alertmanager_notifications_failed_total` yana ƙirga saƙonnin da suka kasa fita.

Tes ya fi wuyar gwadawa haka, domin kowane gwaji kuɗi ne kuma ƙarshen hanyar aljihun mutum ne. Abin da ya dace shi ne abu uku a haɗe: a karanta rahoton isarwa na kowane saƙo, a ɗauki rashin `DELIVRD` bayan minti 5 a matsayin gazawa, a duba ragowar kuɗin asusu kowace rana, a yi gargaɗi tun yana iya ɗaukar saƙonnin mako guda, sannan a aika tes na gwaji sau ɗaya a mako a rana da lokaci tsayayyu, domin mai karɓa ya saba da zuwansa har ya lura idan bai zo ba. Doka ɗaya ta ratsa duka: gazawar kowace hanya ta ɗaya hanyar ake faɗar ta. Mutuwar imel ta zo ta tes, ƙarewar kuɗin tes ta zo ta imel.

To wanne za a zaɓa? Idan matsalar za ta iya jira har safiya, kamar faifan da ya kai kashi 80 cikin ɗari ko takardar shaidar tsaro da za ta ƙare nan da kwana 20, imel ya isa, kuma tura irin wannan ta tes ɓata kunnen mai karɓa ne kawai. Idan ɓarnar tana ƙaruwa da kowace awa, kamar sanyin ɗakin ajiya da ya fara hawa ko rumbun da ya daina amsawa, tes ne, imel kuma ya biyo shi da cikakken bayani. Idan abin da ake tsoro ya haɗa da yankewar intanet a wurin, tes ɗin ya fito ta modem ko daga mai gadin waje. Wanda kuma ƙarfinsa bai wuce abu ɗaya ba a wannan mako, ni zan ce ya bar imel ɗinsa yadda yake ya fara kafa mai gadin waje, domin imel mai jinkiri da ake sanin ranar mutuwarsa ya fi tes mai sauri da zai iya yin wata uku a mace ba a sani ba.

Saura wani gibi da rahoton isarwa ba ya rufewa, wato saƙo ya shiga waya amma mai ita yana barci ko wayar tana shiru. Ga matsalolin da ba sa jira, a sa gargaɗin ya nemi amsa, ko ta danna mahaɗi ko ta mayar da tes, kuma idan minti 10 ko 15 suka wuce babu amsa a tura wa mutum na biyu, zai fi kyau wanda layinsa na wani kamfanin waya ne dabam. A wayoyin masu karɓa kuma a saka lambar ko sunan mai aikawar a cikin waɗanda aka yarda su yi ƙara ko da an kunna yanayin hana damuwa, sannan a gwada hakan sau ɗaya da dare, wayar tana a yanayin da take kwana a ciki.